Raɗa wa makarantar kuɗi suna a Tawa

Raɗa wa makarantar kuɗi suna shi ne zaɓen sunan da makaranta mai zaman kanta za ta ɗauka a takardun hukuma, da allon ƙofa, da bakin jama'a. A Tawa, kamar sauran biranen Nijar, irin wannan makaranta takan haɗa jardan, wato ajin ƙanana, da firamare mai aji shida, daga CI zuwa CM2. Dokar ilimi ta ƙasa ta 1998 ta amince da makarantu masu zaman kansu, amma ba a buɗe su sai da izinin ma'aikatar ilimi, kuma sunan da aka sa a takardar neman izini shi ke bin makarantar zuwa hatimi, da rasiɗin biyan kuɗi, da takardar sakamakon ɗalibai. Sauya shi daga baya yana nufin komawa wurin hukuma da sake waɗannan duka.

Sunan yakan kasu gida biyu. Na gaba yana faɗin irin makarantar, galibi da Faransanci, ana kuma taƙaita shi a allo da haruffa kamar CSP, wato Complexe Scolaire Privé. Na baya shi ne sunan yanka, kuma shi kaɗai mutane ke riƙewa. Uwa daga Bilbis ko Kurfayawa da za ta hau kabu-kabu ba ta karanto wa mai babur dogon suna, kalma ɗaya take faɗi. Idan kalmar ta yi wa harshe nauyi, unguwa ce za ta raɗa nata, a koma cewa lakwal ɗin wane, ko lakwal mai shuɗin ƙofa.

Yawancin kalmomin da ake zaɓa suna nuna riƙon amana da tausayi: Amana, Alheri, Albarka, Nagarta, Tarbiyya, Kulawa. Masu asalin Larabci a cikinsu suna da wata riba a gari irin Tawa, inda Adarawa ke zaune da Buzaye da Filani da Larabawa da ma'aikata Zabarmawa, domin kusan kowa ya san su. Sai dai suna alkawari ne. Tun da aka buɗe madarasar gwamnati ta farko a garin Sayi a 1957, iyaye sun saba bambanta faranko-arab, wato makarantar da ke haɗa Faransanci da Larabci, da lakwal ta Faransanci zalla. Wanda ya ga suna mai farawa da "Al-" ko "Nurul" yakan ɗauka akwai Larabci da Alƙur'ani a jadawali. In ya biya kuɗi ya tarar babu, zai ga an yaudare shi, kuma a majalisa zai faɗa.

A ɗauki misalin malama mai ritaya da za ta buɗe makaranta a Wadata, tana da sunaye huɗu a hannu: Reno, Gatan Yara, Ɗa'a, da Amana. Reno ya dace da ɗan shekara uku, amma yaron CM2 zai ji kunyar faɗinsa gaban tsaransa, kuma uban da ke neman karatu mai ƙarfi zai zaci gidan ajiye jarirai ne. Gatan Yara yana da daɗin ji, sai dai wasu iyaye na jin ƙanshin shagwaɓa a ciki. Ɗa'a ya fi su ma'ana, matsalarsa rubutu. Mai fentin allo da mai buga takarda a ofis sukan zubar da ƙugiyar harafi da alamar tsakiya, sunan ya fito "Daa", wanda ba ya nufin komai. Haka "Ci Gaba" ke zama "Tchigaba" a hannun wanda ya yi karatu da Faransanci, har makaranta ɗaya ta wayi gari da rubutu iri biyu, na hatimi daban da na allo. Amana ya tsira daga wannan, ana rubuta shi iri ɗaya ta kowace ƙa'ida. Aibinsa farin jini: kantin magani da shagon ɗinki ma suna ɗauke da shi, wataƙila har wata makaranta. Don haka sai malamar ta tambaya a ofishin sufetan firamare, ta kuma zaga unguwannin kusa kafin ta ajiye takardunta.

Akwai masu sa sunan mahaifi ko na wani malami da ake girmamawa. Wannan yana jawo yarda nan take a wurin waɗanda suka san gidan, amma yana buƙatar amincewar iyalan mai sunan, kuma duk abin da ya taɓa mutuncin gidan ya taɓa makarantar. Kalmomin fariya irin su "ta duniya" ko "ta fitattu" kan sa talaka ya ɗauka kuɗin ya fi ƙarfinsa, ya wuce bai ma tambaya ba.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a faɗa wa wasu iyaye mata sunan sau ɗaya, ba tare da bayani ba, a tambaye su wace irin makaranta suke zato da nawa suke jin za a biya. Bayan kwana biyu a sake neman su faɗi sunan. In amsoshinsu sun saɓa da abin da ake shirin koyarwa, ko sun manta kalmar, a sauya ta tun kafin a sassaƙa hatimi.