Waiwaye: Yadda tsohuwar sutura ke faɗin shekarunta

Tsofaffin hotunan da ke gidajenmu a Gusau da Ƙauran Namoda da Talatar Mafara, kaɗan ne ake samun an rubuta shekara a bayansu. Haka ma tufafin da ake tararwa a gindin akwati idan tsohuwa ta rasu. Sai gardama ta tashi, wannan ya ce tun zamanin Gowon ne, wancan ya ce a'a, lokacin Shagari ne. Alhali rigar da kanta tana ɗauke da shaida a wurare huɗu: kafaɗa, ƙugu, inda tsawonta ya tsaya, da irin yadin da aka yi ta da shi.

Wannan hanya ta karanta sutura masu adana kayan tarihi na Turai ne suka tsara ta, bisa kayan matansu, domin a can yayi yana juyawa kusan duk shekara goma. A shekarun 1920 an sauke ƙugun riga zuwa kan kwatangwalo, rigar ta zama miƙaƙƙiya, tsawonta ya haura kusa da gwiwa. A shekarun 1930 ƙugu ya koma mazauninsa, tsawo ya sauka. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, yadi ya yi wuya har Birtaniya ta fara rabon tufafi da kati a 1941, saboda haka siket ya matse ya tsaya a gwiwa, kafaɗa kuma ta zama mai kusurwa irin ta kakin soja. A 1947 wani maɗinki na birnin Paris, Christian Dior, ya kifar da wannan duka: kafaɗa ta kwanta, ƙugu ya tsuke ƙwarai, siket ya buɗe ya sauka tsakiyar ƙwauri, kuma haka aka tafi cikin shekarun 1950. Daga nan sai gajeren siket na shekarun 1960, sai wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa da kwala mai dogon baki na shekarun 1970, sai kafaɗar soso mai faɗi ta shekarun 1980.

Wannan jadawali yana aiki sosai idan kwat ce ko rigar kanti ko kayan gwanjo ke hannunka. Amma wanda ya ɗauke shi ya aza wa zani da riga na matan Zamfara, zai yi ɓatan kai. Gajeren siket bai taɓa zama suturar matar aure a nan ba, zani kuwa ba shi da wani ƙugu sai inda mai shi ta ɗaura. Kuma yayi kan iso mana a makare, ta Legas da Kaduna da Kano, idan ya iso kuma ya daɗe bai tafi ba. Don haka muna buƙatar namu ma'aunin, kuma a ganina yadi ne ya kamata ya zama farkon abin dubawa a wurinmu, kafaɗa ta biyo baya.

Dalili shi ne tarihin yadi a Arewa yana da shekaru sanannu. Kafin masaƙun zamani, akwai saƙar hannu, irin su saƙi da tsamiya da barage, waɗanda ake saƙawa ƙyalle-ƙyalle marasa faɗi a harhaɗa, ga kuma yadin Turai da ya ƙara yawa bayan layin dogo ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya a shekarun 1960, har da ta Gusau wadda audugar ƙasar nan ta ciyar. Saboda haka atamfar da aka buga sunan masaƙar Najeriya a gefenta ba za ta girmi wannan zamani ba, komai tsufan da ta nuna. Leshi kuma ya bazu ne da kuɗin man fetur na shekarun 1970, musamman bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, lokacin da ma'aikaci ya fara iya saya wa iyalinsa leshin Ostiriya. A wannan zamanin ne kuma tetiron da sauran yadudduka masu roba suka cika kasuwa. Daga 1986, da darajar naira ta faɗi, atamfar Holan ta fi ƙarfin mutane da yawa, ta gida ta samu kasuwa. Bayan shekara ta 2000 kuma atamfar Sin mai arha ta mamaye ko'ina, masaƙunmu suka yi ta rufewa.

Idan rubutun gefe ya goge ko tela ya yanke shi, akwai gwajin da ba ya buƙatar komai sai ashana. A zare zare biyu ko uku daga cikin kalmasa, inda ba za a ga taɓo ba, a kusantar da su ga wuta. Auduga tana ci da wuta, ta yi ƙauri irin na takarda, ta bar toka mai laushi da ke murmushewa a yatsa. Zaren roba kuwa yana janyewa daga wuta, ya narke, ya bar ɗan dunƙule mai tauri. Idan an ga dunƙulen nan, to a daina maganar kafin 1950 ɗungurungum, domin a shekarun 1950 ne irin wannan zare ya yaɗu a kasuwar tufafi a Turai ma, balle nan. Amma auduga zalla ba ta tabbatar da tsufa, tunda har gobe ana saƙa ta.

Ga misali na kusa. Wata riga da siket ce ta atamfa da aka fito da ita daga kayan wata baiwar Allah a Gusau, 'ya'yanta suna cewa ɗinkin aurenta ne na farkon shekarun 1970. Aka kai wa wani dattijon tela don ya rage ta a ba jika. Da ya juya cikinta, abin da ya fara taɓawa shi ne kafaɗa. Akwai soso a ciki, an lulluɓe shi da ƙyallen atamfar an ɗinke, ya riga ya soma zama gari don tsufa, yana zubowa rawaya-rawaya idan an matsa. Kan hannun kuma an tattare shi ya yi tudu sama da kafaɗa. Dattijon ya dubi babbar 'yar ya ce, "Hajiya, wagga riga ba ta zamanin Gowon ba ta. Sa'ad da muka koyi ɗinki ba mu san soso ga kahwaɗa ba, sai daga baya."

Gaskiyarsa. Rigar mata ta shekarun 1960 da farkon 1970 a nan yawanci buba ce mai faɗi, kafaɗarta a zube, hannun ya fito kai tsaye daga jikin rigar, ko kuma 'yar riga mara ado da ake ɗaura zani a kanta. Kafaɗar da aka ɗaga da soso ta shigo ne da yayin shekarun 1980, kuma telolinmu sun riƙe ta har cikin shekarun 1990, bayan an fara sakin ta a inda ta samo asali. To kafaɗa ta ce rigar nan ba ta girmi 1980 ba.

Sai ƙugu. An tsuke rigar da ɗinkin matsi biyu a gaba biyu a baya, sannan aka yi mata 'yar tattara da ta buɗe daga ƙugu ta rufe kwatangwalo, ga zif na roba a gadon baya. Zif ɗin kansa shaida ne, don kayan da suka girmi shekarun 1960 zif ɗinsu na ƙarfe ne. Tattarar ƙugu ita kaɗai tana iya ruɗar mutum, saboda an yi yayinta a Turai a shekarun 1940, an sake yi a 1980, ta kuma dawo da ƙarfi wajen 2012, har ta cika ɗinkunan anko. Abin da ya raba gardama shi ne haɗuwarta da kafaɗar soso a riga ɗaya, a jikin atamfar da gefenta ke ɗauke da sunan masaƙar Kaduna. Wannan haɗi ya fi dacewa da tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da tsakiyar 1990.

Tsawon siket ɗin ne ya so ya rikita lissafi, don ya kai har idon sawu. Da telan ya duba ƙasansa a hasken rana, sai ga wani farin layi a kwance, kimanin taƙi ɗaya sama da bakin siket ɗin, da 'yan hudojin allura a jere. Nan ne tsohuwar kalmasa take. Ashe asalinsa a tsakiyar ƙwauri ya tsaya, daga baya aka warware kalmasar aka ƙara ƙyalle, zaren ƙarin ma launinsa ya ɗan bambanta da na sauran ɗinkin. Wannan kuma yana da nasa tarihin. Hijabi ya fara yaɗuwa a Arewa a shekarun 1980, a hankali yana maye gurbin gyale a wurin mata da yawa, kuma bayan ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999 sutura ta ƙara tsawo da yalwa, mata da dama suka kai tsofaffin kayansu aka saki tsawonsu maimakon a yar. Don haka siket ɗin nan yana da shekara biyu: ta ɗinki da ta gyara. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne marigayiyar ta ɗinka kayan ne don wani biki shekaru goma sha bayan aurenta.

Tsawo shi ne mafi raunin shaida cikin huɗun, domin shi ya fi sauƙin sauyawa. Kafaɗa ta fi wuyar taɓawa, sai an kwance hannu gaba ɗaya, ko da yake ana iya cire soso, kuma idan an cire za a ga kafaɗar ta zube ta wuce inda ya kamata ta tsaya. Akwai kuma tarkon da ya shafe mu musamman: al'adar ajiye turmi. Mace kan adana atamfar lefenta shekara goma ko ashirin kafin ta kai wa tela, don haka yadi yana faɗin shekarar da rigar ba za ta girma ba ne kawai, yanka da ɗinki su ne ke faɗin lokacin da aka yi ta. Duk alamar da ta fi sabunta a jikin asalin ɗinkin, ita ake bi.

Kayan maza sun fi taurin kai. Babbar riga ba ta da ƙugu, kafaɗarta kuma mai ita ne ke naɗewa, shi ya sa rigar 1960 da ta 1990 kan yi kama a hoto. A nan sai a duba ko aikin wuyan na hannu ne ko na keke, ko jikin rigar saƙi ne da aka harhaɗa ko shadda ce falle guda. Kaftani ya fi bayar da labari, don tsawonsa ya yi ta hawa da sauka, har dogon nan da aka laƙaba wa suna tazarce a ƙarshen mulkin Abacha, wajen 1998. Wando kuwa a dubi bakin ƙafarsa. Idan matashi ne a hoto da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa da ta rufe takalmi, ga shat mai dogon kwala ta kama jiki, ga suma an tara, da wuya hoton ya fita daga shekarun 1970 zuwa farkon 1980, ko da kuwa a Gusau aka ɗauke shi ko a Birnin Kebbi.