Ba Kowace Asara Inshorar Shago Ke Biya Ba

An daɗe ana cewa idan ɗan kasuwa ya yi wa shagonsa inshora, duk abin da ya same shi kamfani zai biya. Ba abin mamaki ba ne a ɗauka haka, domin takardar yarjejeniyar doguwa ce, rubutunta ƙanana. Amma kamfani ba ya biyan sai abin da aka rubuta.

Ka ɗauko takardar, ka taƙaita ta a shafi guda. Fara da haɗurran da aka ambata da suna. Inshorar gobara ba ta ɗaukar sata, ambaliya kuma sau da yawa sai an ƙara ta daban. Sai ka nemo abubuwan da aka ware, waɗanda ba za a biya ba: yaƙi, lalacewar kaya saboda tsufa, ɓarnar ganganci.

Inda aka fi shan mamaki shi ne kason da ke kanka, wato kuɗin da kamfani ke cirewa daga abin da zai biya ka. Misali, an rubuta naira 50,000, wuta ta ci kayan 400,000: za ka karɓi 350,000. Idan asarar 40,000 ce, ko sisi ba za ka samu ba.

Wa'adin sanar da kamfani asarar kuwa, wata takardar ta ce nan take, wata ta ƙayyade kwanaki. Kwafe shi yadda yake, ka sanar a rubuce, domin jinkiri na iya sa a ƙi biya.

A taimaka a tura wa 'yan'uwa masu shaguna.