Firinta ta ƙi katirij ɗin da aka cika bayan sabuntawa: laifin tawada ne ko na cip?

Malam, ina da shagon kwafi da buga takardu a Shari Mansur, nan Makka. Jiya da safe firintata ta ƙi tonar da aka cika mini, ta ce cip ɗin ba na kamfani ba ne, alhali shekaranjiya lafiya lau take bugawa. Mai cikawar ne ya cuce ni?

Alhaji, da wuya a ce shi ne. Firinta ba ta iya tantance garin da ke cikin katirij, na kamfani ne ko na kasuwa. Abin da take karantawa ɗan ƙaramin allon lantarki ne, bai fi farce girma ba, manne a gefen katirij, mai tabon zinare a fuskarsa. Shi ne cip. Duk lokacin da ka rufe murfi, firinta ta tambaye shi wane ne shi, ya ba da amsa, kamar yadda ake duba igamar mutum a shinge ba tare da an tambayi ko ya iya aikinsa ba.

Masu cika tona da yawa suna cire cip na asali su manna sabo na kwaikwayo, don ma'aunin tona ya koma ya nuna cike. Wannan na kwaikwayon ya haddace amsar tsohuwar tambaya ce kawai. Idan firintar tana haɗe da intanet, cikin dare za ta iya sauke sabuwar manhajar ciki, wadda ake rubuta wa `Firmware` a allo, tambayar ta canja, cip ya kasa amsawa.

A firintocin HP sunan wannan tsari `Dynamic Security`. Ya fito fili a Satumbar 2016, lokacin da firintocin OfficeJet masu yawa suka ƙi katirij ɗin wasu kamfanoni a rana guda. HP da kansa ya rubuta cewa abin da yake tarewa shi ne cip ko kayan lantarkin da ba nasa ba, ko nasa da aka yi wa gyare-gyare, amma katirij ɗin da aka sake cikawa yana ɗauke da cip ɗinsa na asali, tsarin bai shafe shi ba. Riƙe wannan, don kusan duk maganin matsalarka a nan yake.

Ta yaya zan tabbatar sabuntawar ce, ba wani abu ba?

Karanta abin da allon ya rubuta harafi da harafi, don saƙonni huɗu ne mutane ke haɗawa wuri guda su ce "ta ƙi karɓa", kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Idan ka ga `Non-HP Chip Detected`, ko bayanin cewa manhaja ta tare katirij, to tarewar ce. Buga shafin bayanin firinta, ko ka duba shi a allo, ka ga kwanan watan manhajar, ka tambayi mai sayar da cip ko nasa ya dace da ita. Idan kuwa `Used or counterfeit` ta rubuta, gargaɗi ne kurum, danna `OK` ta ci gaba da aiki. Saƙon `Supply memory error` sau da yawa datti ne: garin tona ya kwanta a kan tabon zinaren, ko cip ya goce daga mazauninsa. Kashe firintar, ka goge shi da busasshen ƙyalle mai laushi, ka mayar.

Na huɗu shi ne `Protected cartridge`, kuma wannan ya fi cin masu shago. Akwai wani saiti mai suna `Cartridge Protection` da ke ɗaure katirij ga firintar da aka fara sa shi a ciki. Ka kai wa mai cikawa katirij biyar, ya dawo maka da biyar, amma biyu a ciki na wani shago ne, musanya kawai ya yi. Cip ɗinsu na asali ne, sai dai an riga an ɗaure su ga firintar wani. Kashe saitin a wajenka ba zai kwance wanda aka riga aka ɗaure ba. Shi ya sa nake ce wa mutane su sa alama da maka a jikin katirij, su ce nasu za a dawo musu da shi.

Akwai kuma batun yanki, wanda ke kama masu sayen firinta gwanjo ko ta intanet daga waje. Tonar da ake kira 59A a nan Gabas ta Tsakiya da Turai da Afirka, a Amurka 58A ce. Siffarsu ɗaya, cip ɗinsu daban. Tawadar 953 ta nan, can 952 ce.

To yanzu me zan yi? Alhazan umara na jiran kwafin fasfo.

Mu ɗauki misali da LaserJet Pro M404, mai cin 59A, tunda tana da yawa a ofisoshi. Mafi sauri shi ne ka nemo tsohon katirij na asali, ko da wanda ya zo da firintar ne ya ƙare. Cip ɗinsa yana zaune a cikin ɗan ramin roba. A yanke leɓen robar da ya riƙe shi a hankali, a zare shi da hantsaki ba tare da an kankare fuskarsa ba, a zura shi a mazaunin katirij ɗin da aka cika, tabon zinaren na kallon inda na farko yake kallo. Wasu katirij ɗin kasuwa ma da gangan ake sayar da su babu cip, har da ɗan abin cirewa a kwalin.

Firintar za ta karɓa, amma za ta ci gaba da cewa tona ta yi ƙasa ƙwarai, domin tsohon cip ya riga ya ƙidaya shafukansa kuma ba ya komawa baya. Shiga saitin kayan bugu, wajen abin da za ta yi idan tona ta yi ƙasa, ka canja daga `Stop` zuwa `Continue`. Daga nan ma'auni ba zai ƙara yi maka amfani ba, idonka ne ma'auni. Da ka ga rubutu ya fara dusashewa a tsaye ta gefe guda, lokacin cikawa ya yi. A firintar tawada kada ka yi wasa da wannan, don kan bugu yana iya ƙonewa idan yana aiki babu tawada.

Hanya ta biyu, ka koma wurin mai cikawa ya canja maka cip da sabon fitowa. Masu ƙera na kwaikwayo sukan cimma kowace sabuntawa bayan ɗan lokaci, sai dai wanda ya tara kwali goma na tsohon cip ya yi asara.

Za ka sami wanda zai ce maka ya iya mayar da tsohuwar manhaja. Ni ba na ba da wannan shawara. Kamfani ba ya goyon bayan hakan, fayil ɗin daga wani lungu na intanet aka samo shi ba ka san wa ya taɓa shi ba, kuma idan aikin ya katse a tsakiya firintar za ta iya mutuwa gaba ɗaya.

Na ji an ce katirij na kasuwa yana iya sa wa kwamfuta cutar bairos. Gaskiya ne?

A Janairun 2024 shugaban HP na lokacin, Enrique Lores, ya faɗi haka a hira da tashar CNBC. Tushen maganar wani mai bincike ne, a shirin da kamfanin ke biyan masu gano masa ɓaraka, ya nuna cewa cip ɗin da ake iya sake rubuta wa bayani zai iya zama hanyar kutse cikin firinta. Kamfanin ya amsa cewa bai ga an yi amfani da wannan hanya a kan jama'a ba. A ganina, idan manhajar firinta tana yarda da duk abin da cip ya aiko mata, gyaran a manhajar yake, ba a hana mutane sayen tona mai araha ba. Hukumomi ma ba su ɗauki tarewar da sauƙi ba: a 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci HP tarar Yuro miliyan 10 saboda bai bayyana wa masu saye wannan ƙaidi yadda ya kamata ba. Abin dariya kuma, a 2022 da cip ya yi ƙaranci a duniya, Canon ya fitar da wasu tonarsa babu cip, ya koya wa abokan cinikinsa yadda za su tsallake gargaɗin na'urarsa.

Haɗarin tonar cikawa na gaske a kan takarda ake ganinsa. Ɗigon baƙi da ke maimaita kansa a tazara ɗaya, dirom ne ya ji rauni, wato gangar cikin katirij da ke ɗora tona a kan takarda. Takarda ta fito da toka-toka a baya, rumbun tarkacen tona ne ya cika ba a zubar ba, ko wuƙar da ke share dirom ta cinye. Ka murza rubutu da yatsa ya goge, garin bai dace da zafin wannan firinta ba. Katirij ɗaya bai kamata a yi ta cika shi ba a canja dirom ba. Garanti kuwa ba ya faɗuwa don kawai ka sa na kasuwa, amma idan shi ya jawo ɓarnar, kai za ka biya gyara.

Ke nan in kashe sabuntawa kwata-kwata?

A nan ne awon yake. Mu ƙaddara, don lissafi kawai, na asali riyal 400 ne, cikawa riyal 100. An ƙiyasta 59A kan shafi 3,000, amma da rubutu mara yawa aka auna, kwafin fasfo mai hoto da baƙin gefe ya fi haka cin tona nesa ba kusa ba. Shagon da ke cinye katirij biyu a wata ya tsira da riyal 600. Wannan kuɗi ne da ba a raina shi.

A ɗaya ɓangaren, sabuntawa tana toshe ɓaraka ta gaske. A 2018 masu binciken kamfanin tsaron kwamfuta Check Point sun nuna yadda ake kutsawa cikin OfficeJet ta layin fakis kawai, kuma sabuwar manhaja ce ta toshe wannan. Kai kuma fasfo da igamar bayin Allah ne ke bi ta na'urarka, amana ce.

Abin da zan yi a shagonka shi ne in hana firintar sabunta kanta, ba in haramta mata sabuntawa ba. Rubuta lambar `IP` ta firintar a burauza, ka shiga `Tools`, sannan `Printer Updates`, ka cire zaɓin girkawa da kanta, ka bar wanda zai sanar da kai. Sa wa wannan shafin kalmar sirri. Idan kwamfuta ɗaya ce ke bugawa, haɗa ta da wayar `USB`, ka kashe `Wi-Fi` na firintar, ka kuma lura kada manhajar kamfani da ke kan kwamfutar ta tura mata sabuntawa ta bayan gida. In sanarwa ta zo, kada ka taɓa ta a Ramadan ko lokacin Hajji. Bari aiki ya lafa, ka tambayi mai cip, ka ajiye katirij na asali guda a kusa, sannan ka girka.

Ofishin da firintarsa ke kan layi ɗaya da kwamfutoci masu yawa, kamar kamfanin jigilar alhazai, lissafinsa daban ne. Can na fi son a riƙa sabuntawa a kan kari, a riƙa cika katirij da cip na asali.

Zan sayi wata firinta bana. Me zan duba?

Duba kwalin ko an rubuta `Dynamic security enabled`. Ka kuma guji kunna `HP+` lokacin saiti, yawanci a samfuran da lambarsu ta ƙare da harafin `e`, domin shi sharaɗinsa katirij na asali kaɗai da haɗin intanet koyaushe, dabarar tsohon cip ba abin dogaro ba ce a wurinsa. Mai buga kala da yawa ya duba masu tanki, irin EcoTank na Epson ko Smart Tank na HP, waɗanda ake zuba wa tawada daga kwalba. In kuma kana da tsohuwar LaserJet 1020 a ƙarƙashin tebur, kada ka sayar, tonarta 12A ba ta da cip ko kaɗan.