Suyar Agada: Man da Bai Yi Zafi Ba Shi Ke Jiƙa Ta

'Yan uwa mata mazauna Jidda da Makka, yawancin masu ciwon suga da hawan jini da muke zantawa da su kan abinci sukan ce sun rage mai a suya. Amma in aka duba farantin agadarsu sai a tarar tana ƙyalli, mai na kwance a ƙasa. Ba yawan man cikin kasko ba ne ke jawo haka, sanyinsa ne.

Idan yankan agada ya faɗa mai mai zafi, ruwan jikinsa yakan fito a matsayin tururi, wannan kumfar da kike gani, kuma ita ke tare mai kada ya shiga har bayan ya yi ɓawo. In man bai yi zafi ba, kumfa ba ta da ƙarfi, sai agada ta zauna tana sha. Cokalin cin abinci ɗaya na mai kuwa kalori kusan 120 ne.

Zaɓi agadar da ɓawonta ya yi rawaya da ɗigon baƙi, tana ɗan lotsawa in an danna. Zafin garin nan yana nunar da ita da sauri, kada a bar ta ta yi baƙi ƙirin: sukarinta ya yi yawa, za ta ƙone ta kuma yi laɓo-laɓo. Yanka ta a karkace, kaurin santimita 1.

Zuba mai ya kai rabin kaurin yankan, ki ɗora a matsakaiciyar wutar gas kamar minti 3. Zafin da ake so digiri 170 zuwa 180 ne a ma'aunin Celsius. Ki jefa ɗan guntu ki gani: in kumfa ta kewaye shi nan take da ƙara, ya yi. In ya kwanta shiru, ki dakata. In mai na hayaƙi, ya zarce, ki sauke ya ɗan huce.

A nan ake yawan kuskure. Agada biyu za su ba ki yanka wajen 20, sai gaggawa ta sa a juye duka lokaci guda, zafin mai ya faɗi. Raba su biyu, kowane yanka da sarari a gefensa. Ki bar su minti 2 zuwa 3 ba taɓawa, har gefen ya yi ja-ja, sannan ki juya sau ɗaya ki ƙara minti 2. In gefe ya yi baƙi kafin minti 1, ki rage wuta kaɗan, amma kada kumfar ta mutu.

Da kin tsame, ki girgiza matsami a kan kasko, ki baza su a kwando ko takardar kicin. Kada ki tara su a kula ki rufe, domin lokacin hucewa ne man da ke bayansu ke shigewa ciki. Ki jira minti 1 mai ya sake ɗaukar zafi kafin zubi na biyu.

Mai ciwon suga kuma, Hajiya, ko suyar ta yi kyau, agada nunanniya tana ɗaga suga. 'Yan yanka kaɗan tare da wake ko ƙwai sun isa, ba a kan tulin shinkafa ba.