Takardar makon farko: abin da ofis zai yi wa sabon akawu kafin ya tambaye shi aiki

Takardar makon farko shafi ɗaya ce, wani lokaci biyu, da ofis ke shiryawa kafin sabon ma'aikaci ya iso. A cikinta ake jera abubuwan da dole a kammala daga Litinin zuwa Juma'a: abin da za a ba shi damar taɓawa, mutanen da za a gabatar da shi gare su, da aikin da ake jira daga hannunsa. Kowane layi yana da gurbi uku a gabansa: sunan wanda zai yi, ranar da ya yi, da sa hannu. Waɗannan gurabe su ne suka bambanta ta da jawabin maraba. Idan an rubuta “a ba shi makullin kabad” ba a rubuta wanda zai bayar ba, to kowa zai ɗauka wani ya bayar, sabon akawu kuma ya wuni a kan benci yana kunyar tambaya.

Mutane kan haɗa ta da wasu takardu biyu. Takardar kama aiki ita ce shaidar ranar da ma'aikaci ya fara, kuma a kanta ake lissafa albashi. Takardar miƙa aiki kuwa wanda ya bar kujerar ne ke rubuta ta, ya faɗi abin da ya bari. Dukansu biyu layuka ne kawai a cikin takardar makon farko. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, yawancin layukanta nauyi ne a wuyan ofis. Sabon akawu bai san inda komai yake ba, don haka ba shi zai bi mutane yana roƙon a cika ba, shugaban sashensa ne mai riƙe da ita.

Bari mu ɗauki akawun da aka tura rajista, wato sashen karɓar wasiƙu da ajiye fayiloli, a wata ma'aikatar gwamnati, domin a nan ne kuskuren makon farko ya fi daɗewa yana bin mutum.

Safiyar Litinin ta takardun kansa ce. Zai sa hannu a takardar kama aiki, a buɗe masa fayil nasa, a shigar da sunansa a littafin zuwa aiki. Zai kawo lambar asusun banki mai lamba 10, da BVN da NIN masu lamba 11 kowanne, kuma ya kamata wani ya zauna ya duba ko sunan da ke jikinsu ya dace da na takardar ɗaukar aiki harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, sai albashi ya maƙale wata da watanni. A yawancin ma'aikatun tarayya, sai an shigar da ma'aikaci tsarin biyan albashi na IPPIS kafin ya ga albashi. Idan ma'aikatar tana ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, zai zaɓi kamfanin da zai riƙe masa asusun fansho, inda ake cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga albashinsa, ma'aikata ta zuba kashi 10. Wannan ɓangaren ba wuya gare shi, mantawa da shi ne ke da tsada.

Inda hankali ya fi kamata ya tsaya shi ne batun dama: makulli, kwamfuta, hatimi, da fayiloli. Ƙa'idar ita ce a ba mutum abin da aikinsa ke bukata, a kuma rubuta abin da aka ba shi. Ma'aikatu kan raba rajista biyu, ta fili da ta sirri. Wanda aka tura ta fili ba shi da hurumin riƙe makullin ta sirri, ko da ɗakunan suna jikin juna, ko da mai kula da can ya ce “riƙe mini zan je masallaci”. A faɗa masa wannan tun ranar farko, domin sabon yaro ba ya iya ce wa babba a'a sai in ya san akwai doka a bayansa. Haka rantsuwar riƙe sirri: Najeriya tana da dokar sirrin gwamnati tun 1962, kuma sa hannu a takardar rantsuwar ya kamata ya riga buɗe fayil, ko da na hutun shekara ne. A fayilolin ma'aikata akwai albashin mutane, da rashin lafiyarsu, da takardun tuhuma. Dokar kare bayanai ta 2023 ma ta shafi irin waɗannan.

Kwamfuta kuwa, a buɗe masa nasa sunan shiga da kalmar sirri tasa. Abin da aka saba yi don sauƙi shi ne a ce ya ci gaba da amfani da na wanda ya tafi, har a nuna masa ’yar takardar da aka manna a ƙarƙashin tebur. Illar a fili take. Duk abin da aka goge ko aka canza zai fito da sunan tsohon akawu, kuma tsohon yana iya shiga daga inda yake. Ranar da aka zo bincike ba a san wa za a tambaya ba. Saboda haka layin nan yana da rabi biyu: a rufe na tsoho, a buɗe na sabo, kuma mai kula da kwamfutoci ya sa hannu a duka.

Sai ƙidayar fayiloli, wadda a ganina ita ce layi mafi nauyi a takardar gaba ɗaya. Mu ƙaddara takardar miƙa aiki ta ce akwai fayil 312 a hannun wannan kujera. Ranar Talata sabon akawu da shugaban rajista su tsaya gaban kabad su ƙirga tare, suka sami 287. Saura 25. Sai a buɗe littafin fitar fayil, inda ake rubuta lambar fayil, ranar da ya fita, ofishin da ya tafi, da sa hannun wanda ya karɓa. Littafin ya nuna 22 suna waje: wasu a teburin darakta, wasu a sashen kuɗi. An samu 309 ke nan. Uku babu su a kabad, babu su a littafi. Abin yi shi ne a rubuta lambobin ukun nan a jikin takardar miƙa aiki, a rubuta cewa ba a same su ba a ranar kaza, shugaban rajista ya sa hannu, sannan sabon akawu ya sa nasa. Idan ya sa hannu a kan 312 don kada a ce ya cika ƙorafi, to daga wannan rana fayiloli ukun a hannunsa suka ɓata, kuma bayan wata shida, lokacin da mai fayil ya zo neman ƙarin girma, shi za a ba takardar tuhuma. Su ma 22 ɗin, yana da kyau a bi su ofis ofis a gani da ido, domin littafi yakan ce fayil yana wurin darakta alhali ya daɗe da wucewa gaba. Sai an gama wannan ƙidaya ake miƙa makulli, a rubuta guda nawa ne da kuma wa ke riƙe da na biyu.

Gabatarwa takan zama zagayen gaisuwa: a shiga ofis goma sha, “ga sabon akawunmu”, “Allah ya ba da sa'a”, a fito. Kafin azahar ya manta sunan kowa. Gaisuwa ta wajaba, kuma kai shi gaban darakta ya ce “ranka ya daɗe” ladabi ne da ba a tsallakewa. Amma gabatarwar da takarda ke nufi ta bin hanyar wasiƙa ce. A ɗauki wasiƙa guda da ta shigo da safe, ya bi ta da ƙafarsa: wa ya karɓa a ƙofa, wa ya buga hatimin kwanan wata, wane masinja ya kai, wace sakatariya ta karɓa, wa ya rubuta umarni a kai, ta ina ta dawo. Duk wanda aka tarar a hanya, a faɗi sunansa da abin da yake yi wa wasiƙar. Ta haka zai san cewa Hajiyar da ke ƙofar darakta ita ce ta san fayil ɗin da aka sa wa hannu da wanda ke jira, kuma Baba masinja ya fi kowa sanin inda fayil ya kwana. A ƙarshe a rubuta masa suna biyu: wanda yake karɓar umarni daga gare shi, da wanda zai tambaya in wancan ba ya nan. Rashin wannan ne ke sa kowane babba ya mayar da sabon akawu ɗan aikensa.

Abin da ake jira daga gare shi kuma a faɗa da adadi da lokaci. “Ka riƙe aiki da gaskiya” nasiha ce mai kyau, sai dai ba a auna ta. Abin da ake aunawa shi ne: ana sa hannu a littafin zuwa aiki da ƙarfe 8 na safe, ana tashi ƙarfe 4 na yamma, wasiƙar da ta shigo yau a buga mata hatimi a shigar da ita littafi yau, kowane shafi da aka sa a fayil a ba shi lamba a jere, ba a cire shafi, ba a saka wani a tsakiya, fayil ba ya barin ɗaki sai an rubuta, ko da babban sakatare ne ya aiko. A koya masa gajerun alamomin da manya ke rubutawa: BU da kwanan wata na nufin a dawo da fayil gaban mai umarni a wannan rana, KIV a ajiye ido a kai har wani abu ya iso, PA an gama a mayar kabad. BU ce ta fi jawo wa sabo faɗa, don haka a ba shi ɗan littafin kwanaki ya riƙa rubuta kowace a ranarta, ya duba kowace safiya. A kuma gaya masa abin da zai ce wa wanda ya zo da ’yar na goro yana son a hanzarta fayil ko a leƙa masa abin da aka rubuta a kansa, domin tun makon farko za a gwada shi.

Ranar Laraba ya kalli ana yi, Alhamis ya yi ana kallonsa. Ranar Juma'a da safe, kafin a watse zuwa masallaci, shugaban rajista ya zaɓi lambar fayil biyar ya ce a kawo. Wanda ke kabad ya fito da shi, wanda ke waje ya nuna layinsa a littafi ya faɗi teburin da yake. Sannan a miƙa masa wasiƙa sabuwa ya shigar da ita daga hatimi har hannun masinja ba tare da an sa masa baki ba. Bayan haka su zauna su bi takardar layi layi. Duk gurbin da ba a cika ba, kamar katin shaida da bai fito ba ko sunan shiga kwamfuta da ba a buɗe ba, a rubuta sabuwar rana da sunan wanda zai cika. Kwafi ɗaya ya shiga fayil ɗin ma'aikacin, ɗaya ya riƙe a hannunsa.