Sashen tushen matsala: abin da ƙa'ida take nema a rahoto

Duk ma'aikatar da take bin ƙa'idar ingancin aiki ta ISO 9001, bugun 2015, sashe na 10.2 ya ɗora mata nauyi. Idan aiki ya ɓaci, gyara ɓarnar kaɗai bai wadatar ba, sai an gano abin da ya haddasa ta, an ɗauki matakin da zai hana ta dawowa. Ƙa'idar ba ta tilasta wata hanya ba, amma da yawa suna bin tambayar "me ya sa" sau biyar, dabarar da ta fito daga kamfanin Toyota na Japan.

Taiichi Ohno na Toyota ya ba da misali da injin da ya tsaya. A rahoton da ake rubutawa kan irin wannan matsala, sashen farko ya riga ya faɗi cewa inji ya tsaya, to daga nan aikin sashen tushe yake farawa. Me ya sa ya tsaya? Aiki ya yi masa nauyi, fis ya ƙone. Me ya jawo nauyin? Boris ɗin injin bai sami isasshen mai ba. Me ya hana shi samu? Famfon mai ba ya turowa sosai. Me ya sami famfon? Sandar cikinsa ta cinye, tana girgiza. Me ya cinye ta? Ba a sa mataci ba, ɓurɓushin ƙarfe yana shiga.

Wanda ya tsaya a amsar farko, fis zai sauya ya rufe rahoto, ba da jimawa ba injin ya sake tsayawa. Wanda ya kai ƙarshe, mataci zai sa.

Wajen rubutawa, kowace amsa ta zo da shaidarta: abin da aka gani da aka kwance famfon, ko abin da littafin gyara ya nuna. In babu shaida, a rubuta cewa zato ne. Sannan a karanta daga ƙasa zuwa sama da "shi ya sa": babu mataci, shi ya sa sanda ta cinye, shi ya sa mai bai kai ba. Inda maganar ta ƙi haɗuwa, an tsallake wani mataki.

Abin da ya fi damuna shi ne rahoton da yake ƙarewa da "sakacin ma'aikaci". An sami wanda za a ɗora wa laifi, an bar dalilin yana nan. Me ya sa mutum ɗaya zai manta, kuma babu abin da zai tare kuskuren? An koya masa? Akwai mai dubawa bayansa?

Biyar ɗin ma ba dole ba ne, wani lokaci uku sun isa, wani lokaci sai an wuce. Raunin dabarar shi ne tana bin zare ɗaya, alhali matsala takan zo ta hanya biyu ko uku. In tambaya ta ba da amsa biyu, a bi kowacce daban, a tsaya inda aka kai ga abin da ma'aikatar take da ikon sauyawa.