Mi ake nufi da "lakwal mai harshe biyu"?

Kalmar nan tana yawo bakin iyaye nan Maradi, wasu su ce bileng, kuma da yawa sun ɗauka lakwal ce da aka kori faransanci aka bar yara da hausa zalla. Ba haka ba ne. Ma'anarta yaro ya fara karatu da rubutu da lissafi cikin harshen da ya taso da shi, faransanci ya shigo a matsayin darasi, da baki tukuna sannan a rubuce, daga baya ya zama harshen da mushe ke koyarwa da shi. Ba sabon abu ba ne a Nijar, tun 1973 aka fara gwajin a Damagaram da hausa, aka bi da zabarmanci da fulatanci da barbarci da buzanci.

Dalilin abin shi ne sau ɗaya mutum ke koyon karatu a rayuwa. Yaron da ya gane cewa b da a suna bada "ba", ya haɗa "baba" ya ga ai babansa ake nufi, ya samu makullin, in ya je ga faransanci ba zai sake daga tushe ba. Wanda aka fara mashi da faransanci kuwa aiki biyu ke kansa lokaci guda, yana koyon haɗa baƙaƙe kuma bai san mi kalmar ke nufi ba, ga shi sautin o kaɗai ana rubuta shi o ko au ko eau. Shi ya sa za ka ga ɗan aji uku yana rera shafi guda ba gargada, ka tambaye shi wa ya tahi kasuwa cikin labarin sai ya yi zuru.

Kuna iya gwadawa a gida. Ku ba yaro wannan da faransanci: Hadiza na da goro 24, ta raba ma ƙawayenta 4 daidai, nawa kowace ta samu? In ya kasa ku maimaita da hausa. In ya ce 6 nan take, to lissafinsa lahiya lau, harshe ne ya tare shi. In nan ma ya kasa, matsalar ta lissafi ce, kuma ƙarin faransanci ba zai gyara ta ba.

Amma inda gardamar masana take ba nan ba ne, kan lokacin sauyawa ne. Akwai mai saurin sauyawa, harshen gida shekara biyu ko uku sai a koma harshen waje, akwai mai jinkiri wanda ke kai shekara shida ko fiye, dukansu kuma sunan guda ake kiransu da shi. A Ife ta Najeriya Farfesa Babs Fafunwa ya gwada su daga 1970, wasu yara suka yi shekara shida ana koya masu komi da yarbanci turanci yana darasi kawai, wasu aka sauya masu zuwa turanci bayan shekara uku. 'Yan shekara shidan suka fi a darussa, kuma abin da iyaye ke tsoro bai faru ba, turancinsu bai gaza na sauran ba. Sai dai a faɗi gaskiya, an ba su sabbin littattafai da ƙwararrun malaman turanci, gatan da lakwal ɗin ƙauye ba ta da shi.

Mi ke kada mai saurin sauyawa? Ƙarancin kalmomi. Wani bincike na Carol Macdonald a Afirka ta Kudu wajen 1990 ya gano yaran da suka kai ƙarshen aji huɗu suna darasin turanci kalmomi kamar 800 suka haɗu da su, alhali littattafan ajin da aka sauya masu harshe suna neman kamar 5000. Masani Jim Cummins ma ya nuna harshen hira yakan samu cikin kamar shekara 2, amma na gane littafin tarihi ko kimiyya sai 5 zuwa 7. Don haka yaro ya iya gaisuwa da neman izinin hita waje da faransanci ba shaida ba ce cewa ya isa a koya mashi raba lamba da shi.

Ni dai in zan sa ɗiyana a irin wagga lakwal, ba allon bakin ƙofa zan duba ba. Zan tambayi darakta a wane aji ake sauyawa, kuma a hankali ne ko rana ɗaya. Zan nemi in ga littafin hausa a hannun yara, ba guda ɗaya cikin akwatin mushe ba. Sannan shi mushen an horar da shi rubutun hausa? don jin hausa daban, sanin inda ake sa ƙ da ɗ da raba kalmomi daban, kuma akan turo malamin da hausar ma ba harshensa ba ce. In ajin akwai ɗiyan Fulani ko na Buzaye da ba su ji hausa sosai ba, su ma a tambaya mi aka tanadar masu.